Azahar da Asuba: Lokuta Biyu da Ake Gwada Dayod ɗin Zena

Akwai matsalar da masu gyaran kayan lantarki suka saba gani a kan ƙananan na'urorin da ake jonawa a batirin sola. Da rana na'urar tana aiki lafiya lau. Idan dare ya raba sai ta fara shirme, fitilarta ta dusashe, ƙararrawarta ta shaƙe. A kawo ta shago da hantsi, a jona ta a batir mai cikakken caji, a ga babu abin da ya same ta. Sau da yawa laifin yana kan wani ɗan ƙaramin rizisto da aka zaɓa da ka, ba a zauna an yi masa lissafi ba.

Abin da ake kira batiri mai bolt 12 ba ya zama a kan 12. Lokacin da faifan sola ke zuba masa caji da tsakar rana yakan hau har 14.4, idan kuma ya kwana yana aiki yakan sauko kusan 11. Ƙananan na'urori da yawa bolt 5 suke so, kuma ba sa son hawa da sauka. Hanya mafi arha ta ba su wannan ita ce a haɗa abu biyu kacal: rizisto ɗaya da dayod ɗin zena ɗaya.

Dayod na yau da kullum ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya, wuta ta wuce ta gaba, ta baya kuma a tare ta. Amma idan matsin da ke bayan ya kai wani mataki, ƙofar takan ɓalle. Ita zena an ƙera ta ne musamman don ta ɓalle a matakin da aka sani, ba tare da ta lalace ba, muddin ba ta yi zafin da ya wuce kima ba. Sunan ya samo asali daga Clarence Zener, masanin kimiyya ɗan Amurka wanda ya yi bayanin wannan ɗabi'a a 1934. Amfaninta shi ne, da zarar ta ɓalle, ƙarfin wutar da ke tsakanin ƙafafunta biyu yakan tsaya kusan wuri ɗaya, ko karan ɗin da ke bi ta cikinta ya ƙaru ko ya ragu. Karan, kamar yadda masu sana'ar ke cewa, shi ne yawan wutar da ke gudana.

Haɗin ba shi da wuya. Wuta ta fito daga kan batir mai alamar +, ta bi ta rizisto, ta isa wata mahaɗa. Daga mahaɗar hanya ta rabu biyu: ɗaya ta bi ta na'urar da ake son ciyarwa, wato lodi, ɗayar ta bi ta zena, duk su koma kan batir mai alamar −. Ƙafar zena mai zobe ita ce ke kallon mahaɗar. Ka ɗauki tankin ruwa da aka huda masa bututun amai a wani tsayi. Muddin ruwa na fita ta wannan bututu, ka san tsayin ruwan tankin bai sauya ba. Rizisto shi ne siririn bututun da ke kawo ruwa, lodi shi ne famfon da ake ɗiba, zena kuma ita ce bututun aman. Duk abin da rizisto ya shigo da shi, lodi zai ɗauki rabonsa, zena ta kwashe saura. Daga nan hatsari biyu suka fito. Idan famfo ya ja fiye da abin da ke shigowa, aman zai tsaya, ruwa ya fara sauka. Idan kuma aka rufe famfon baki ɗaya, duk ruwan zai koma kan bututun aman shi kaɗai.

Bari mu ɗauki aiki na zahiri. Muna da ɗan allo mai lura da ruwan tanki. Idan yana shiru kusan ba ya jan komai, idan kuma ya kunna fitila da ƙararrawa yana jan mili-amfiya 20. Za mu yi amfani da zena mai bolt 5.1, irin wadda ake rubuta wa `1N4733A` a jiki, mai ɗaukar wat ɗaya.

Ana fara lissafi daga asuba, lokacin da batir ya sauko 11 kuma ƙararrawa na kuka. Wannan ne lokacin da wuta ta fi ƙaranci, buƙata kuma ta fi yawa. Zena ba ta riƙe matakinta da ciki wayam, sai an bar mata ɗan karan yana bi ta cikinta. Idan ya yi ƙasa sosai, kamar mili-amfiya ɗaya, ƙarfin wutar yakan fara zamewa. Masu ƙira sukan ware mata kamar mili-amfiya 5 a irin wannan aiki. Ke nan dole rizisto ya wuce da 25: 20 na lodi, 5 na zena. Ƙarfin wutar da ya rage a kansa kuwa shi ne 11 a cire 5.1, wato 5.9.

```
R = (11 - 5.1) / 0.025 = 236
```

Om 236 shi ne iyaka, ba a wuce shi. A kasuwa ba za ka sami 236 ba, za ka sami 220 ko 270, kuma a nan ne hannu kan kai ga kuskure. Na ƙasa ake ɗauka. Da 220, karan zai zama kusan mili-amfiya 27, zena ta sami kusan 7. Ko da rizisto ɗin ya karkata sama da kashi 5 cikin ɗari, kamar yadda zoben zinariyar da ke jikinsa ya halatta, zai zama 231, har yanzu yana cikin iyaka. Da 270 kuwa, abin da zai rage wa zena bai kai mili-amfiya 2 ba, tana bakin gaɓa.

Yanzu a duba wanda ya ɗauki 330 don shi ne ya samu a cikin gwangwaninsa. Da rana, batir na kan 14.4, rizisto zai wuce da mili-amfiya 28, kowa ya ƙoshi, mita ta nuna 5.1. Da asuba zai wuce da bai kai 18 ba, alhali lodi na neman 20. Zena ta zama 'yar kallo, ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa da 5, kuma duk saukar da batir ya ƙara yi sai ta bayyana kai tsaye a kan na'urar. Wannan ce cutar da ke ɓuya idan an kawo ta shago.

Rabin aikin ke nan, kuma mutane da yawa a nan suke ajiye biro. Saura azahar: batir na kan 14.4, na'urar ta yi shiru, babu mai jan komai. Ƙarfin wutar da ke kan rizisto ya zama 9.3, karan ya haura zuwa mili-amfiya 42, kuma dukansa ta cikin zena zai bi. Zafin da abu ke fitarwa ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya.

```
Pz = 5.1 x 0.042 = 0.21
Pr = 9.3 x 0.042 = 0.39
```

Zena tana fitar da zafin wat 0.21, ita kuma mai wat ɗaya ce, saboda haka tana da sarari sosai. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne layi na biyu. Rizisto yana fitar da kusan wat 0.4, alhali ƙananan rizistocin da suka cika ko'ina masu rubu'in wat ne. Idan ka sa irin wannan, zai yi aiki yau, ya yi gobe, sai launinsa ya fara komawa ruwan ƙasa, allon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi, wata rana ya yanke. Hankali yakan tafi kan dayod don ita ce mai suna, amma a wannan haɗi rizisto ne ke shan wahala. Mai wat ɗaya ya kamata a sa. Ni a ganina kada a ɗora wa ko wanne daga cikinsu fiye da rabin abin da aka rubuta masa, domin alƙaluman masana'anta sun dogara ne da cewa iska na ratsa kayan. Akwatin roba da aka rufe a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri wani abu ne dabam. Idan kuma akwai yiwuwar wayoyin da ke fita su haɗe, to duk 14.4 ɗin zai sauka a kan rizisto, zafin ya kai wat 0.94, nan sai mai wat biyu.

Akwai kuma mai cewa bari ya sa ƙaramin rizisto don wuta ta wadata, ya ɗauki om 47. Da asuba babu matsala. Da azahar karan zai kusan kai mili-amfiya 200, zena ta fitar da zafin da ya ɗan haura wat ɗaya, rizisto kuma kusan wat biyu. Zena idan ta ƙone galibi haɗewa take yi ta zama kamar waya, sai ragowar azabar ta koma kan rizisto har shi ma ya bi ta.

Mita tana faɗa maka wanne ne ya faru. Ɗora ta a kan ƙafafun zena. Idan ka ga kusan 0.7, an juya dayod ɗin ne baibai. Idan ka ga kusan sifili, ko ta haɗe ko lodin ya haɗe, sai a cire lodi a sake aunawa. Idan adadin yana ƙasa da 5.1 amma ya dawo daidai da zarar an cire lodi, yunwa ce, rizisto ya yi girma ko lodi ya yi nauyi. Idan ya haura can sama yana bin batir, zena ta yanke, kuma a yi maza a cire na'urar kafin ta tafi. Don sanin karan ba sai ka yanke waya ba: auna bolt ɗin da ke kan rizisto, ka raba da 220.

Ko da komai ya tafi daidai, kada a sa ran 5.1 cif. Ita kanta zena tana iya karkata da kashi 5 cikin ɗari daga masana'anta, kuma yayin da karan ɗinta ke tafiya daga 7 zuwa 42, ƙarfin wutar zai motsa da kamar rubu'in bolt ko ɗan fiye. Yawancin ƙananan alluna ba sa damuwa da wannan. Abin da mai batir zai damu da shi shi ne haɗin ba ya barci. Ko na'urar na aiki ko ba ta yi, ana jan kimanin mili-amfiya 34 idan batir na kan 12.5, wato kusan 0.8 na amfiya-awa a kwana guda. Babban batirin gida ba zai ji ba, amma ƙaramin batirin babur da aka ajiye zai zube cikin 'yan kwanaki.

Matasa masu koyon sana'a sukan tambaya ko za a iya cajin waya da wannan haɗi, tunda ita ma bolt 5 take so. Lissafin da muka yi shi zai ba da amsa. Waya na jan kamar amfiya ɗaya, saboda haka rizisto zai sauko kusan om 6. Da azahar, ana zare wayar, fiye da amfiya ɗaya da rabi zai afka wa zena, zafin wat 8 a kanta, kusan wat 15 a kan rizisto. Da zarar lodi ya wuce 'yan gomman mili-amfiya, sai a koma kan `7805` da ƙarfen sanyaya shi, ko kuma, ga aiki irin na cajin waya, ƙaramin allon rage wuta irin wanda ke cikin cajar mota.