Ko ka sani? Wayarka kunne ɗaya take buɗewa in kana mata shifta

Ko ka san cewa in ka danna alamar makirfo a Gboard ka fara magana, wayar ta riga ta yanke wane harshe za ta saurara tun kafin ka buɗe baki? Harshen da aka rubuta a jikin dogon maɓallin nan na tazara, shi take bi. In Turanci ke wurin, duk abin da ka faɗa sai ta nemo masa kalmar Turanci mafi kama da shi. Ka ce "sai gobe", tana iya rubuta maka "sigh" a madadin "sai", sauran kuma ta cika da shirme. In ka ga rubutu ya fito da kalmomi na gaske amma na wani harshe, to makirfo lafiyarsa ƙalau, kunnen da aka buɗe ne ba naka ba.

A watan Oktoba na 2024 Google ya ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda ake iya yin shifta da su, har da Hausa, Yarabanci da Ibo. Sai ka shiga Settings na Gboard, ka zaɓi Languages, ka danna Add keyboard, ka ƙara Hausa. Akwai wani maɓalli a can mai suna Multilingual typing da ke ruɗar mutane: aikinsa gyara da hasashen kalmomin da ka buga da yatsa ne.

Sauya harshe kai tsaye kuwa akwai shi, amma ba a kowace waya ba. Wayoyin Pixel na baya-bayan nan suna gane sauyi tsakanin manyan harsuna irin su Turanci, Faransanci da Jamusanci. Suna sauraron sautin da ya shigo ne su yi hasashe, shi ya sa gajeriyar magana kamar "to" ko "eh" ba ta ishe su ba, balle jimla mai kai da Turanci, wutsiya da Faransanci.

Ga mai haɗa Hausa da Turanci, ɗauki ɗan kasuwar da zai gaishe da abokin cinikinsa da Hausa, sannan ya ba shi adireshin banki da Turanci. Ya gama gaisuwar tukuna, ya tsayar da makirfo, ya danne maɓallin tazara har jerin harsuna ya fito, ya zaɓi Turanci, ya sake danna makirfo. Gboard ɗin dai shi ne, haruffan ma kusan duk ɗaya, kunnen kawai aka sauya. Kada ka tara harsuna biyar a jerin alhali biyu kake amfani da su, kuma ka duba lambobi da sunayen mutane da idonka kafin ka tura saƙon.