Musabaƙar Alƙur'ani a Agege: rukunai, yadda ake yanke maki da kyaututtuka

Jama'a, kwamitin malaman Islamiyyu da makarantun allo na 'yan Arewa mazauna Agege, Legas, ya sanar da cewa za a yi musabaƙar bana a Asabar da Lahadin ƙarshe kafin azumi. Rajista ta hannun shugaban makarantar yaro ake yi, kuma sai da takardar haihuwa, domin an sha kawo saurayi mai gemu a ce shekararsa 14.

Rukuni uku ne, maza daban mata daban. 'Yan ƙasa da shekara 10 za su kara a izu 2, wato daga Amma zuwa Nasi. Masu shekara 10 zuwa 15 izu 10 ne nasu, daga Ahƙaf zuwa ƙasa. Daga 16 zuwa 25 kuwa, mutum ya zaɓi izu 20 ko izu 60. An ɗauko tsarin ne daga musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, ke shiryawa tun 1986.

To, ga inda ake yawan samun ƙorafi. Maki 100 ne: hadda 60, tajwidi 30, murya 10. In yaro ya yi kuskure, alƙali zai buga ƙararrawa. In ya gyara da kansa, rabin maki ya tafi. In ya kasa har aka buɗa masa, maki 2 ne. Ƙananan kurakuran tajwidi, irin su tauye gunna ko gajarta madda, rabin maki kowanne.

A ce yarinya an buga mata ƙararrawa sau biyu ta gyara, an buɗa mata sau ɗaya: haddarta 57. Ta tauye gunna sau huɗu, tajwidi 28. Murya ta samu 8, jimla 93. Wani yaro kuma mai zaƙin murya ya cinye 10 ɗin duka, tajwidinsa ma 28, amma an buɗa masa sau uku, hadda ta koma 54. Ya tashi da 92, ko da kuwa shi ne ya sa zauren kabbara. Iyaye su riƙe wannan lissafi kafin su ce an yi son kai.

Sai batun ruwaya. Yawancin yaran allo Warshu suke karantawa, na Islamiyya kuma Hafsu. Duk biyun an yarda, amma a rubuta ɗaya a fom, kuma da ita za a yi wa yaro hukunci har ƙarshe. Gauraya su kuskure ne. Malamin da ɗalibinsa ya hau kujera zai sauka daga teburin alƙalai har ya gama.

Gwarzon izu 60 zai samu babur, gwarzuwa keken ɗinki. Na ɗaya zuwa na uku a sauran rukunai akwai kuɗi da mus'hafi, kowa kuma zai koma da takardar shaida.