Tambarin HDR da Duhun da Ya Kusa Haɗa Ni Faɗa da Mai Shago

Watan jiya na sayo talabijin a wani shago da ke titin Ahmadu Bello, kwalinta ɗauke da tambarin HDR. Da na kunna fim da rana a falona da ke Unguwar Rimi, sai fuskoki suka dusashe tamkar almuru ta yi, alhali tashar labarai tana fitowa tangaran. Na ɗauka an sayar mini da jabu, har na shirya mayar da ita. Ashe ma'anar tambarin ce ban fahimta ba.

HDR ba alkawari ba ne cewa hoto duka zai ƙara haske. Manufarsa faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske a hoto guda. Ana auna hasken allo da ma'aunin nit. Tsohon tsari an gina shi a kan nit 100, amma yawancin finafinan HDR ana tace su a kan allo mai kai nit 1,000. Wannan rarar ta ƙyallin rana a kan ruwa ce ko fitilar mota. Fuskar mutum tana nan kusa da inda take a da.

To, me ya kawo duhun? A tsohon tsari mukan ƙure fitilar allo, hoton duka ya ninka haskensa. Shi kuwa tsarin HDR10 yana ƙayyade wa kowane ɗigo haskensa, bisa zaton cewa a ɗaki mai duhu ake kallo. Fitilar ta riga ta kai maƙura domin ƙyallin, babu sauran abin ƙarawa. Ranar Kaduna da ke kwararowa ta taga sai ta rinjayi hoton.

Dalili na biyu ya fi ciwo. Tambarin yakan nuna cewa talabijin tana iya karanta saƙon HDR ne kawai. Mai araha da ba ta wuce nit 300 ba dole ta matse hoton nit 1,000 cikin ɗan abin da take da shi, kuma wasu sukan dusashe komai don kada ƙyallin ya ɓace.

Ga yadda na rarrabe. Na shiga saiti na kashe Energy Saving, wanda ke rage fitila, na saki labule, na ba idona mintuna kaɗan ya saba. Fuskoki suka fito, har zaren rigar jarumin. Da hoton ya ci gaba da zama toka-toka, da na san gazawar allon ce. Maganinta kashe HDR daga na'urar da ke turo fim ɗin.

Saboda haka mai karatu, kafin ka biya, tambayi nit nawa allon yake kaiwa, ka kuma nemi a kunna maka fim mai HDR mai yanayin dare, ba hoton furannin talla ba. Ni dai Allah Ya rufa asiri, ban zargi bawan Allah a kan laifin tagata ba.