Ina naira 38,200 ta maƙale?

Wani mai injin niƙa a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, ya shiga rani da bashi uku a wuyansa. Mai kanti yana bin sa naira 20,000, dillalin taki 50,000, sai 80,000 da ya ranto a hannun wani mai ba da rance da ruwa lokacin da injin ya lalace. Jimla 150,000 ke nan. Ya ɗaura niyyar fitar da 30,000 duk wata, ya ce wata biyar ya sauke nauyi. Bai taɓa fashi ba, amma da wata biyar suka cika sai aka ce masa saura 38,200.

Yaron da yake aika da kuɗin aka fara zargi, kamar yadda aka saba. Ƙanen mai injin, wanda malamin makaranta ne, ya bi masu bashin ɗaya bayan ɗaya ya duba littattafansu. Ko kwabo bai salwanta ba.

"To ina kuɗɗin sunka shiga?" in ji mai injin.

"Yaya, wa ka fara sallama?"

Mai kanti ya fara biya, don bashinsa ne ƙarami, kuma kullum suna haɗuwa a masallaci. Daga nan ya koma kan dillalin taki. Mai ruwa kuwa ribarsa kawai ake miƙa masa, goma bisa ɗari a wata, wato 8,000.

A nan malam ya kama bakin zaren. Cikin 30,000 ɗin, 22,000 ne kaɗai ke rage bashi. Wata uku cur uwar kuɗin mai ruwa ba ta motsa ba, sai a na huɗu aka taɓa ta da 18,000 bayan an gama da taki. Ruwan wata huɗu ya tashi 32,000, na wata na biyar 6,200. Da aka haɗa sai ga 38,200 cif. Idan aka ci gaba a haka, sai a wata na bakwai za a gama, ruwa ya lashe 43,222.

Wannan tsari na fara kashe ƙaramin bashi, sannan a tura kuɗinsa kan mai bi masa, shi Amurkawa ke kira dunƙulen ƙanƙara, kuma Dave Ramsey ne ya yayata shi a shirinsa na rediyo. Kishiyarsa, zaftarewar ƙanƙara, ba ruwanta da girman bashi. Wanda ya fi tsadar ruwa take fara tunkara.

Malam ya sake lissafin ta wannan hanya. Da tun watan farko an zuba 22,000 a kan uwar kuɗin, da ta sauko 58,000, ruwan wata na biyu ya zama 5,800. Na uku 3,380, na huɗu 718, mai ruwa ya fita. Ruwan duka 17,898, kuma a wata na shida an sallami kowa. Da kuɗi iri ɗaya, sauya jeri kawai ya kawo ragin 25,324 da wata guda. Ga wanda zamansa cikin riba ke damun zuciyarsa, wannan ce kuma hanyar da ta fi saurin fitar da shi.

Sai dai ban ga laifin mai injin gaba ɗaya ba. A 2012 David Gal da Blakeley McShane na jami'ar Northwestern sun gano cewa masu rufe basussuka ɗaya bayan ɗaya sun fi kai wa ƙarshen biya, domin ganin an goge suna daga littafi yana ƙara kuzari. A gari irin Jabo akwai ƙarin dalili: mai kanti ba ya ɗora ruwa, amma idan aka bar shi wata huɗu shiru zai iya rufe ƙofar bashin sukari da sabulu. Maganin wannan shi ne a same shi a yanka masa rana, ko a riƙa ba shi 2,000 duk wata, abin da zai ƙara kaɗan ne a kan ruwa.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda za ta iya rushe lissafin duka. Malam ya koma wurin mai rancen ya ce: idan an rage uwar kuɗi, ruwan yana raguwa? Wasu tun ranar farko suke yanke jimla, ka karɓi 80,000 ka maido 110,000 ko da gobe ka biya. A irin wannan yanayi, gaggawa ba ta rage komai, sai a fara da ƙarami, a kiyaye wa'adi kawai don gudun tara. Mai rancen ya ce nasa a kan abin da ya saura yake lissafawa, shi ya sa ruwan wata na biyar ya sauko daga 8,000 zuwa 6,200.