Daga Hoton Tayil Ɗaya Zuwa Bangon Falo

Mai gida ya shiga shagon kayan gini, ya ga wani tayil mai ruwan ƙasa da jijiyoyi farare ya kwanta masa a rai. Sai ya zaro waya ya ɗauke shi hoto, ya tura wa mai zanen gidansa: yana so ya ga yadda bangon falo zai kasance da shi kafin ya zuba kuɗi. Mai zanen kuwa ya riga ya fitar da hoton falon a kwamfuta, irin wanda 'yan sana'ar ke kira renda, da kujeru da taga da hasken rana yana faɗowa a ƙasa. Bango ɗaya kawai ake so a sauya.

A da, sai ya koma cikin manhajar zane irin su Blender ko SketchUp, ya shimfiɗa hoton a jikin bangon, ya sake jiran kwamfuta ta lissafa haske daga farko. Yanzu akwai gajeriyar hanya ta ƙirƙirarriyar basira. An saki Stable Diffusion a 2022, manhajar da ke iya sake zana wani yanki na hoto ta bar sauran. A farkon 2023 Lvmin Zhang da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fito da ControlNet, wanda ke tilasta mata bin layuka da zurfin hoton asali. A watan Agusta na shekarar kuma masu bincike na kamfanin Tencent suka kawo IP-Adapter, wanda ke ba ta damar karɓar hoto a matsayin abin koyi maimakon dogon bayani a rubuce. Da waɗannan ukun ake yin aikin, galibi a cikin ComfyUI.

Matakan ba su da yawa. Ana shafe bangon da burushi don manhajar ta san iyakar inda za ta taɓa, a kewaye makunnin fitila da bakin taga da ganyen furen da ke tsaye a gabansa. ControlNet ya riƙe kusurwoyin ɗakin kada su goce. Hoton tayil ya shiga ta IP-Adapter. Sai a danna, cikin ƙanƙanin lokaci bango ya fito da ruwan ƙasa da jijiyoyinsa, har da inuwar kujera a kai.

Mai gida yana gani zai ce madalla. Ma'aikacin da zai ɗaura tayil ɗin kuwa, da ya ƙirga layuka zai girgiza kai.

A ce bangon yana da faɗin mita 4.8 da tsayin mita 3, tayil ɗin kuma santimita 60 ne a kwance, 30 a tsaye. Lissafi ya nuna guda 8 a kowane layi, layuka 10, jimilla 80. Manhajar tana iya zana layuka shida, ko goma sha huɗu, ko ta sa na sama su fi na ƙasa girma, ko ma ta mai da bangon dunƙulen dutse guda babu tsaga ko ɗaya. Dalilin yana cikin yadda take kallon abin koyin. Kafin IP-Adapter ya karanta hoto, ana yanke shi ya zama murabba'i, a ƙanƙance shi zuwa fiksel 224 a kowane gefe. Hoton waya mai fiksel miliyan 12 ya koma kusan dubu 50 ke nan. Daga nan ma ba fiksel ɗin ake liƙawa a bango ba, taƙaitaccen bayani ne na launi da yanayin jiki ake miƙa wa mai zanen. Kamar a kwatanta wa tela atamfa da baki ne: zai gane kalarta da irin furenta, amma bai san girman furen ba. Babu inda aka gaya wa manhajar cewa abin da ke hoton santimita 60 ne.

Shi ya sa waɗanda suka ƙware ba sa bar mata awo. Sukan fara da hannu a Photoshop ko GIMP: su miƙe hoton tayil ɗin ya zama faɗinsa ninkin tsayinsa daidai, su jera shi 8 sau 10 da siririyar tsaga a tsakani, sannan su ja kusurwoyi huɗu na jerin su dace da kusurwoyi huɗu na bangon. Idan aka sa wannan shimfiɗa a kan Multiply, hasken da inuwar da ke kan farin bangon asali suna ratsowa ta cikinta. A wannan mataki hoton ya yi daidai a lissafi amma ya yi kama da takardar da aka manna. Shi ake miƙa wa manhajar, ControlNet ya bi layukan tsagar, IP-Adapter ya tuna mata kamannin dutsen.

Sauran aikin yana hannun lambobi biyu. Ta farko ita ce denoise, daga 0 zuwa 1, wadda ke nuna yawan abin da aka yarda ta rushe ta sake zanawa. A wajen 0.3 zuwa 0.4 takan bar tayil 80 ɗin a inda suke, ta ƙara musu sheƙi da ɗan zurfi a tsaga. Da an haura 0.7 sai ta fara ƙirƙiro nata jijiyoyin, layuka su soma karkacewa. Ta biyu ita ce weight ta IP-Adapter. In ta yi ƙasa, launi ya kauce. In ta yi yawa, duk abin da ke cikin hoton samfurin yakan biyo, har da wanda ba a gayyata ba.

A nan ne hoton da mai gida ya ɗauka a shago ke jawo matsala. Ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa ya rina tayil ɗin, walƙiyar filasha ta bar farin tabo a tsakiyarsa, ga ɗan yatsan mai shago a gefe da takardar farashi. Manhajar ba ta bambance dutse da hasken da ya faɗo a kansa, don haka farin tabon yakan bazu a bango kamar wani ado. Gyaran ba ya cin kuɗi: a fito da samfurin waje a ajiye a inuwa, a kashe filasha, a riƙe waya daidai saitinsa ba a karkace ba, a ajiye farar takarda a gefe don daidaita launi, daga baya a yanke ta. Idan tayil ɗin mai jijiya ne, gara a ɗauki guda huɗu ko biyar daban-daban daga kwali, domin jijiya ɗaya da ta maimaitu sau 80 ido yana kama ta nan take.

Akwai kuma abin da wannan hanya ba ta iya yi. Bango mai duhu yana rage hasken ɗaki, jan bango yana watsa ɗan ja a sili da ƙasa. Tunda an hana manhajar taɓa komai sai bangon, ƙasa mai sheƙi za ta ci gaba da nuna hoton tsohon farin bango a cikinta. Mai lura ya duba gindin bangon zai gane. Wasu sukan faɗaɗa yankin da aka shafe ya haɗa da wannan sashe na ƙasa, su sake bi da denoise kaɗan. Idan hoton na ƙarshe ne da za a sa hannu a kansa, komawa Blender a sake lissafa hasken ya fi aminci. Launin ma da ke fuskar waya ba ya zama hujja, don wayoyi biyu ba sa nuna ruwan ƙasa iri ɗaya. Lambar da masana'anta ta buga a jikin kwali ita ake rubutawa a takardar sayayya, tare da ƙarin 'yan guda saboda yanka da fashewa.