Yadda Da'ira Ke Warware Rashin Daidaito Irin Su sin x > 1/2

Tambayar sin x > 1/2 ba kusurwa ɗaya take nema ba. Tana neman duk kusurwoyin da darajar sin ɗinsu ta haura rabi, a cikin iyakar da aka bayar, misali daga 0° zuwa 360°. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce a zana da'ira wadda nisan tsakiyarta zuwa bakinta awo 1 ne, a ratsa tsakiyar da layi biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye.

Ana fara auna kusurwa daga hannun dama na layin kwance, ana zagayawa saɓanin tafiyar hannun agogo. Kowace kusurwa x tana da ɗigonta a bakin da'irar, kuma tsayin wannan ɗigo daga layin kwance shi ne sin x. A 0° tsayin sifili ne, a 90° ya kai ƙololuwa, wato 1, a 180° ya dawo sifili, daga nan kuma ɗigon ya gangara ƙarƙashin layin har zagayen ya cika.

Don warware tambayar, sai a ja wani layin kwance a tsayin rabi. Wannan layi zai yanki da'irar a wuri biyu. Na dama yana kan 30°, domin sin 30° rabi ne cif. Na hagu yana daidai da shi a ɗaya ɓangaren, wato 180° a cire 30°, ya zama 150°. Duk ɗigon da ke kan bakan da ya rage sama da layin, tsayinsa ya wuce rabi. Saboda haka amsar ita ce 30° < x < 150°. Su 30° da 150° ba sa ciki, tunda a nan tsayin rabi ne daidai, bai haura ba. Da alamar ≥ aka yi amfani, da an haɗa da su.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su samo 30° kawai, su rubuta x > 30°, su tsaya. Gwaji ɗaya ya isa ya tona wannan: 180° ta fi 30°, amma sin 180° sifili ne. Dalili kuwa, sin yana hawa ne yana sauka, don haka girman kusurwa ba ya nufin girman darajarsa.

Iyakar da aka bayar ma tana sauya amsa. Idan tambayar ta koma sin x < 1/2, bakan ƙasa ake nema, shi kuwa ya ratsa ta kan 0°, inda ƙidaya ke farawa take kuma ƙarewa. Dole amsar ta rabu gida biyu: 0° ≤ x < 30° ko 150° < x ≤ 360°. Idan kuma aka faɗaɗa iyakar zuwa 720°, ɗigon zai zagaya sau biyu, sai a ƙara 360° a kan kowane gefe. A nan sin x > 1/2 zai sami ƙarin amsa, wato 390° < x < 510°.