Ƙarfe nawa ke nan a wajenku? Tsayar da lokacin taron dangi

Idan biki ya matso, ko aka zo maganar rabon gado, sai babban yaya da ke Kano ya tura saƙo a WhatsApp: “Za mu zauna ranar Lahadi bayan Isha'i.” Mutanen gida sun gane nufinsa, wajen ƙarfe takwas na dare. Amma ga ƙanensa mai sayen kaya a Guangzhou, ƙarfe uku ne na dare, Litinin ma ta shiga. Ƙanwarsu ta Jidda kuwa ƙarfe goma ne a wajenta, kuma ta wuni aiki, domin tun 2013 Juma'a da Asabar ne ranakun hutu a Saudiyya. Ranar da ta haɗa su duka ita ce Asabar.

Lissafin ba shi da wuya idan aka dogara da agogon gida. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk agogonsu ɗaya, kuma ba ya sauyawa rani da damina. Ghana tana baya da awa ɗaya. Sudan tana gaba da awa ɗaya tun daga Nuwamban 2017, Saudiyya da awa biyu, Sin da awa bakwai.

Mu ɗauki gidan da ke da mutane a Kano, Jidda, Landan, New York da Guangzhou, a wata Asabar ta Janairu. Ana farawa ne da mutum biyun da suka fi nisa da juna, ba da masu rinjaye ba. Na New York yana bayan Kano da awa shida, don haka in ba za a tashe shi kafin bakwai na safe ba, taro ba zai fara ba sai ƙarfe ɗaya na rana a Kano. Na Guangzhou kuma in zai kwanta sha ɗaya na dare, dole a tashi kafin huɗu na yamma a Kano. Awa uku ke nan kacal, kuma a cikinsu akwai Azahar a Kano da La'asar a Jidda, wadda ke shiga kafin biyu na rana agogon Kano. Sai a tsayar da biyu da rabi: huɗu da rabi a Jidda, ɗaya da rabi a Landan, takwas da rabi na safe a New York, tara da rabi na dare a Guangzhou. Na Landan ya yi Azahar kafin a fara, domin a hunturu ranarsu gajera ce, La'asar na shiga da wuri.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ɗauka wannan lissafi ya zauna ke nan. Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A tsakanin nan Landan da Kano lokacinsu ɗaya ne. Yawancin jihohin Amurka su ma suna yin haka, amma daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, sai tazarar New York ta koma awa biyar. A 2026 Amurka na sauyawa ranar 8 ga Maris, Birtaniya sai 29 ga wata: mako uku ke nan da ɗaya ya matsa, ɗayan bai matsa ba. Idan ka ji wani ya shigo kira ana sallama, ko ya zauna awa guda yana jiran mutane, ka duba kalanda, galibi Maris ne ko ƙarshen Oktoba. Ba raini ba ne, kuma bai kamata a yi masa faɗa ba.

Saboda haka a ɗaure taron da agogon Kano, sannan mai gayyata ya rubuta rana, kwanan wata da lokacin kowane gari a saƙo ɗaya, ya fayyace safe ne ko dare. Agogon wayar hannu yana ba da damar ƙara garuruwa, kuma da kansa yake bin sauyin nan, don haka a duba shi a makon taron, kada a dogara da lissafin bara.

Wani lokaci kuwa babu sa'ar da za ta yi wa kowa. In ɗan'uwan na Amurka a Los Angeles yake, bakwai na safiyarsa a Janairu ita ce sha ɗaya na dare a Guangzhou. A nan sai karɓa-karɓa: wannan wata ɗaya ya yi sammako, wata mai zuwa ɗayan ya yi dare. A ganina rashin adalci ne a ce kullum ƙarami ne zai hana idonsa barci don kawai ba zai iya yi wa yayyensa musu ba. Wanda bai samu shiga ba a tura masa saƙon murya da abin da aka tattauna, a kuma jira amsarsa kafin a zartar da abin da ya shafi kuɗinsa ko rabonsa.